Gashi-gashin da ke fita daga kayan wanki: roba ce, kuma ana iya rage ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, ina amfani da injin wanki mai gida biyu. Duk lokacin da na wanke barguna da suwaitocin yara, sai in ga wani gashi-gashi ya cika 'yar jakar da ke cikin injin, har a bakin kwata ina ganinsa. An ce mini burbushin roba ne. Da gaske ne? Idan haka ne, yaya zan rage shi ba tare da na zubar da kayan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, amma kina iya tabbatarwa da kanki. Ki ɗebi ɗan ƙanƙani daga cikin jakar, ki bar shi ya bushe, ki riƙe shi da awartaki ko bakin almakashi, ki kai shi kusa da wutar ashana a tsakar gida. Auduga tana ci ne kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke watsewa idan an murza. Zaren roba kuwa yana nannaɗewa ya gudu daga wuta, ya narke, ya dunƙule ya zama baƙin ɗigo mai tauri, da wari irin na leda. Sau da yawa za ki ga duka biyun, domin abin da ke cikin jakar gauraye ne.

Bargon nan mai laushi na zamani kusan duk poliyesta ne, wato dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita. Suwaita mai kama da ulu, musamman ta gwanjo, galibi akirilik ce. Jesin ƙwallo, safa, da yawancin yadin hijabi su ma roba ce da aka narkar aka ja ta ta zama zare. Idan ruwa da gogayya suka taba su, ƙananan silallai suna ɓallewa. Kowane sili ya fi gashin kai siranta ninki da yawa, shi ya sa abin da kike gani da ido kaɗan ne daga abin da ya fita. Sauran ya bi ruwa.

A 2016 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun ƙirga silallan da ke fita daga wankin kilo 6 a inji. Kayan akirilik sun zubar da kimanin 730,000, poliyesta zalla kimanin 496,000, gaurayen poliyesta da auduga kuma kimanin 138,000. Kada ki riƙe waɗannan alƙaluma kamar hadda, domin suna canzawa da irin yadi da irin inji. Abin riƙewa shi ne tazarar da ke tsakaninsu: suwaitar akirilik tana iya zubar da ninki biyar na abin da rigar makaranta ta gauraye take zubarwa.

Amma ni a ganina, yadda aka yi zaren da yadda aka saƙa shi ya fi sunan robar muhimmanci, kuma nan ne mutane suka fi ɓata. Zaren roba iri biyu ne. Akwai dogon sili wanda ba ya yankewa daga farkon yadi zuwa ƙarshensa, shi ne ke ba yadin hijabi da wasu lesuka santsi da sheƙi. Akwai kuma wanda aka yanyanka gajere-gajere aka kaɗa shi kamar yadda ake kaɗin auduga, don ya yi laushi ya yi ɗumi. Shi wannan na biyun kowane guntu yana da baki biyu a sake, kuma kowane baki hanya ce ta zarewa. Bargo ya fi kowa laifi, domin bayan an saƙa shi sai a bi fuskarsa da inji mai haƙoran ƙarfe a tsattsage zaren da gangan, gashin ya miƙe. Laushin nan da yara ke so, zare ne da aka riga aka karya rabi. Saboda haka ki shafa kayan da hannu: abin da yake sumul, mai matsattsiyar saƙa, zubarsa kaɗan ce, abin da yake da gashi, ko yake yin ƙurajen zare a hammata da gwiwar hannu, shi ne mai zuba. A gida irin naki, barguna biyu ko uku da suwaitocin hunturu sun fi duk sauran kayan gidan zuba.

A ƙasashen da ruwan wanki ke bi ta matatar ruwan datti, ana kama mafi yawan silallan kafin su kai kogi. A yawancin unguwannin Kano babu wannan shinge. Ruwan yana fita kwata, ya faɗa lambatu, na cikin gari da yawa ya zarce kogin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa da shi, har ya kai madatsar Wasai. Auduga ma tana zuba, wani lokaci har fiye da roba, sai dai ita ƙasa tana cinye ta a hankali. Poliyesta ba ta ruɓewa haka, sai dai ta ƙara marmashewa. Don haka abin da ba ki tare a gida ba, babu mai tare shi a gaba.

To mu ɗauki wankinki na ranar Asabar. A ce kina da bargo ɗaya da suwaita huɗu. Abin da aka saba shi ne a cika injin da ruwa har baki, a jefa kaya kaɗan don su sami sarari, a murɗa agogon zuwa minti 15, ya tsaya a sake murɗawa, sannan a ɗauraye sau uku, kowane da ruwa cikakke. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace fitar da zare, kuma dalilin zai ba ki mamaki: ruwan ne da kansa. A 2019 an gwada a Jami'ar Newcastle, aka gano cewa tsarin wankin da injina ke kira Delicate, wanda ake zaton shi ne mai lallaɓa kaya, ya fitar da silallai kimanin 800,000 fiye da wankin yau da kullum, saboda yana amfani da ruwa mai yawa. Idan ruwa ya yi yawa kaya suka yi kaɗan, ruwan yana ratsa saƙar da ƙarfi yana fizgo duk silin da ya riga ya saki. Injin da ake zuba wa kaya ta sama, irin naki, ya fi mai ƙofa a gaba shan ruwa, kuma gwaje-gwaje sun nuna ya fi shi zubar da zare ninki da yawa.

Ba sai kin sayar da injin ba. Ki tara kayan roba su kai kusan kashi uku cikin huɗu na abin da injin ke ɗauka, ki zuba ruwa daidai yadda zai rufe su su juya. Ki jiƙa su da sabulu na rabin sa'a kafin ki kunna, sai minti 6 zuwa 8 su ishe ki a madadin 30. Jiƙo yana sakin datti ba tare da gogayya ba, aikin da da farfelar inji za ta yi da duka. Ɗauraya biyu ta isa idan ba ki cika sabulu ba, kuma ki matse kayan a gidan matsa tsakanin wanki da ɗauraya, kumfa ta fita da wuri. Ruwan sanyi ya wadatar. Ruwan zafi da dogon wanki suna ƙara zubar. Ki juya suwaita ciki waje, ki zuge duk zif, kuma kada ki haɗa su da wandon jins ko tawul, waɗanda ke yi musu aikin soso.

Garin sabulu ki narkar da shi a kofi kafin ki zuba, kada ƙwayoyinsa su yi ta gurzar yadi. Wasu gwaje-gwaje sun nuna sabulun ruwa ya fi sauƙi a kan zare, amma bambancin bai kai na yawan ruwa da daɗewar wanki ba, don haka ba zan ce ki ƙara kashe kuɗi a kansa ba.

Mafi arha duka shi ne rage yawan wankin. Suwaitar da aka ɗora a kan riga ba ta taɓa jiki ba, ba ta bukatar wanki duk sati. A hunturu ƙura ce ke damunta, sai a shanya ta a inuwa mai iska, inda miya ta ɗiga a goge wurin kawai. Bargo kuma idan kin sa zanin gado na auduga tsakaninsa da jiki, zanin ne zai sha gumi da man shafawa, bargon ya yi wata biyu bai ga ruwa ba. Kada ki manta shi a rana kwana da kwanaki, domin rana tana gasa zaren roba ya yi saurin karyewa.

Wankin hannu fa? Wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin a 2023 ya nuna yana fitar da zare ƙasa da na inji nesa ba kusa ba. Sai dai cuɗa ce ta hannu aka gwada. Idan aka kawo burushi, ko aka shimfiɗa bargo a siminti ana dirza, ko ana buga shi a dutse, ribar ta tafi.

Saura tarewa. Kuskuren da na fi gani shi ne a cire 'yar jakar nan a kai ta bakin famfo a wanke, wato abin da aka sha wahalar kamawa an mayar da shi kwata da hannu. Ki bar ta ta sha iska, ki ɓare dunƙulen da yatsa, ki ƙulle shi a tsohuwar leda ki jefa kwandon shara. Bola ba mafita ce mai kyau ba, na sani, amma zare a ƙulle wuri guda ya fi zare a warwatse cikin ruwan lambu. Kada ki ƙone shi da yawa, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

Jakar injin tana kama manyan dunƙule ne kawai. Ana sayar da jakar wanki mai ƙananan ramuka da ake zuba kayan a ciki, da mataci da ake haɗawa a tiyon fitar ruwa. A wani gwajin da aka yi a Jami'ar Plymouth a 2020, jakar da ta fi aiki ta rage zubar da kimanin kashi 54 cikin 100, mataci mafi kyau kuma kashi 78. Suna da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsu ba. Injin gida biyu yana da fa'ida a nan, domin ruwansa gangarowa yake yi ta tiyo a buɗe. Ki ɗaure tsohon ƙyallen auduga mai matsattsiyar saƙa, ninki biyu, a bakin babban bokiti, ya ɗan lotsa a tsakiya, ki saki ruwan wankin farko da na ɗaurayar farko a kansa a hankali. Ba zai kama mafi ƙanƙanta ba, amma abin da zai kwanta a kansa bayan wankin bargo zai nuna miki abin da jakar take bari. Kada ki cusa ƙyallen a bakin tiyon, zai toshe ruwa ya koma cikin inji. Idan kin ga ruwa ya daina sauka ya fara malala ta gefe, ƙyallen ya cika, sai ki canza wani, ki shanya wannan ki kankare shi a bushe.

Idan kin sayi sabon bargo, wankinsa na farko da na biyu su ne mafi zuba, domin akwai ragowar zaren da ya taho da shi daga masaƙa, sai daga baya ya lafa. A waɗannan biyun kada ki yi kasalar ɗaura ƙyallen.