Data ta sati ko ta wata: wacce ce mai arha a gaskiya?

“Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Daura, yawancin cinikin ta WhatsApp nake yi. Ina da layin MTN da na Airtel, ƙanina kuma ya dame ni wai in koma Glo sun fi ba da data da yawa. Ta yaya zan gane wanda ya fi arha? Kuma ta sati ta fi ko ta wata?”

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ni sana'ata ke nan, ina da shagon cajin waya da sayar da kati a cikin garin Katsina, don haka wannan lissafin kullum muna cikin yinsa da kwastomomi.

Ba zan ce miki kamfani kaza ne mai arha ba, domin farashin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowane kamfani ya sake jera tsare-tsarensa, kuma har yanzu sukan taɓa su lokaci zuwa lokaci. Gara ki iya lissafin da kanki. Abin sauƙi ma, yanzu lambobin iri ɗaya ne a duk layukan. Ta farko ta ganin tsare-tsare da saye ce, ta biyu ta duba abin da ya rage miki:

```
*312#
*323#
```

Ki samu takarda, kowane tsari da kika gani ki rubuta kuɗinsa, da yawan gigansa, da kwanakinsa. Sai ki raba kuɗin da yawan gigan, abin da ya fito shi ne kuɗin giga ɗaya. A nan yawancin mutane suke tsayawa, kuma a nan ake cin kuɗinsu, saboda wannan lissafin yana ɗauka cewa za ki shanye datar kaf kafin wa'adinta ya cika. Wadda ta mutu ba ki taɓa ta ba ai kin biya kuɗinta.

Saboda haka sai kin fara sanin cikinki. Ki shiga Settings na wayarki ki nemi Data usage, zai nuna miki abin da kika ci a wata, da manhajar da ta fi ci. Mai sana'a irin taki, da ke ɗora hotunan kaya, tana amsa saƙon murya, tana ɗan leƙa bidiyo da yamma, mu ɗauka tana cin mega 200 a rana. A sati kusan giga 1.4 ke nan, a wata giga 6.

To ga misali. Lambobin nan ni na ƙirƙire su don lissafi ya fito fili, ke sai ki sa na gaskiya da kika gani a wayarki. A ce layi ɗaya yana ba da giga 5 a naira 1,500 na kwana bakwai, ɗayan kuma giga 7 a naira 3,500 na kwana talatin. Na farko giga ɗaya ta kama naira 300, na biyu naira 500. Duk wanda ya kalli wannan zai ce na sati ya yi kaye. Amma ke a satin giga 1.4 kawai za ki iya ci, sauran 3.6 ta tafi. Kenan kowace giga da kika mora ta tsaya miki sama da naira 1,000, kuma kafin wata ya zagayo kin saya sau huɗu, naira 6,000, da sauran kwana biyu a gaba ba ki da komai. Na watan kuwa 3,500 ne sau ɗaya, kin ci giga 6, kowace ta kama ƙasa da naira 600. Kin ga wanda ya fi tsada a takarda shi ne ya bar miki 2,500 a jaka.

Ƙaninki fa, in irin masu kwana a kan bidiyon ƙwallo ne, yana cin mega 700 a rana, lissafinsa a juye yake. Giga 5 ɗin sati cif za ta yi masa, 6,000 ta kai shi sati huɗu. In ya sayi na wata, kwana goma ya cinye, sai ya saya sau uku, 10,500. Kalmar “wata” ba ta amfane shi da komai ba. Shi ya sa in ya ce miki wani layi ya fi, ƙila gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar cikinsa ce.

Sai maganar bonas, wadda ta fi kowace ruɗa mutane a shagona. Za ki ga an rubuta giga 10 a naira 3,000, ki raba ki samu 300 ki yi murna. In kika karanta saƙon da kyau sai ki ga 6 ce ta kowane lokaci, 4 ɗin ta dare ce, ko kuma ta wata manhaja ɗaya tak kamar YouTube. Ta dare sai dare ya raba take fara aiki, ta tsaya wajen asuba, kuma kowane kamfani da nasa awannin. Uwa mai yara da ke kwanciya bayan isha'i, yaushe za ta more ta? In kin san ba za ki ci ba, kada ki sa ta a lissafi: 3,000 a raba 6, naira 500 ne. Bayan kin saya, ki danna lambar duba data, galibi za ki ga an ware miki su daban-daban, wani lokaci ma kowace da ranar mutuwarta.

Akwai abin da zai iya sauya lissafin can na sama, wato ɗauko ragowar data zuwa sabon zagaye. A tsare-tsare da dama, in kika sabunta kafin wa'adi ya cika, ko cikin ɗan lokacin da suka bayar bayansa, ragowar tana biyo ki. Sai dai ga mai cin mega 200 wannan ba ya rage ko sisi daga 6,000 ɗin, tara ta kawai za ki yi ta yi, ranar da kika makara kuma ta tafi gaba ɗaya. Inda yake da amfani shi ne a na wata, in giga ɗaya ko biyu ta rage. Ki riƙe saƙon da suka turo lokacin saye, ranar ƙarewa tana ciki, har da awa a wasu layukan. Kuma ranar da data ta ƙare ki kashe ta a waya nan take, don a wasu saitunan sai ta koma cin kuɗin kati, wanda ya fi kowane tsari tsada.

Game da komawa sabon layi, kada ki zuba kuɗin wata guda a kansa tun farko. Sabis unguwa-unguwa ne. Layin da ke gudu a Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ba lallai ya shiga ɗakinki a Daura ba, kuma ginin gida ma yana rage shi. Ki ari layin ƙaninki, ki sa masa ta kwana ɗaya, ki zauna daidai inda kike zama ki yi ciniki, ki ɗora bidiyon leshi bayan magariba lokacin da kowa ya hau. In yana ta juyawa yana katsewa kina sake turawa, to datar tana tafiya a kowane gwaji, kwastoma kuma ta gaji da jira ta tambayi wata.

Da ni ne ke, layin da ya fi ƙarfi a gidan zan sa wa ta wata daidai cikina da ɗan ƙari, in bar ɗayan don kira. Ranar da sababbin kaya suka iso daga Kwari kina da bidiyo da yawa na ɗorawa, sai ki sayi ta kwana ɗaya ko biyu a ɗaya layin, ki gama aikin da ita a ranar, kada ki taɓa ta watan.