Rubutu ya yi dishi-dishi a sabon allon kwamfuta

Tambaya: "Na sayi sabon allo mai 1920 × 1080, amma rubutu dishi-dishi yake fitowa. Me zan yi?"

Galibi kwamfutar ce ke aika hoto a ma'aunin da bai kai na allon ba, kamar 1366 × 768, sai allon ya miƙe shi, gefen haruffa ya dushe. Idan Windows 10 ko 11 kake amfani da shi, shiga Settings > System > Display, ka zaɓi 1920 × 1080 a ƙarƙashin Display resolution. In haruffan sun yi ƙanana, kada ka rage ma'aunin, gara ka ɗaga Scale zuwa 125%. Idan kuwa 1920 × 1080 ba ya cikin jerin, sauya wayar haɗin, in bai gyaru ba mai gyara ya duba manhajar katin hoto.