Na gama biyan bashi, amma banki ya ce har yanzu ana bi na

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Shekara biyu da suka wuce na karɓi rancen naira 600,000 a wani ƙaramin banki, na biya shi kaf cikin wata goma. Yanzu na nemi rance a babban banki don in saro kayan sallah, sai suka ce sunana ya fito cikin waɗanda suka ƙi biyan bashi. A ina suka gani, kuma yaya zan wanke kaina?

Amsa: Alhaji, abin da suka duba shi ne rahoton tarihin bashinka. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tara irin wannan bayani: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana, har da wasu masu ba da rance ta waya, suna aika musu sunan duk wanda ya ci bashi da yadda yake biya, ana ɗaure bayanin da lambar BVN ɗinsa. Waɗannan kamfanoni ba su ne suke ƙirƙirar bayanin ba, abin da mai ba da rance ya turo musu shi suke ajiyewa. Saboda haka gyara ba ya tabbata sai wanda ya turo kuskuren ya janye shi, kuma kan wannan za ka gina duk abin da za ka yi.

Fara da ganin takardar da idonka. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ana nema ta shafin intanet na kowane kamfani, da BVN da lambar waya da katin shaida. Idan ka manta BVN ɗin, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi. Ka nemi na duka ukun, domin ba lallai su zo iri ɗaya ba. Wani ƙaramin banki wuri ɗaya kawai yake kai rahoto, sai ka ga sunanka fes a biyu, tabon yana na uku. Ka kuma tambayi bankin da ya hana ka rancen daga wane kamfani ya ɗauko nasa.

Idan ta zo, kada ka tsaya kan makin da aka ba ka. Duba sunanka da ranar haihuwa da BVN tukuna, don a garin da Sani Abdullahi ya fi a ƙirga, ɗora wa mutum bashin takwaransa ba abin mamaki ba ne. Sannan ka gangara layin rancen nan na 600,000, ka karanta abu uku: ragowar kuɗin da aka ce ana bin ka, yawan kwanakin da aka ce ka makara, da matsayin rancen. Wanda aka gama biya ya kamata a ga sifili a gabansa da kalmar "Closed". Idan ka ga "Non-performing", ana nufin an daɗe ba a biya ba, "Lost" kuwa bashi ne da ya daɗe har banki ya fid da rai.

Adadin da ke wurin shi zai nuna maka irin ciwon. A ce ka biya wata goma, 69,000 kowane wata. In ka tarar an rubuta ragowar 69,000 cif, to biya ɗaya ne bai shiga ba, kuma galibi wanda aka damƙa wa jami'in banki hannu da hannu a bakin shago ne, ko wanda aka tura ta POS ba a sa shi kan asusun rancen ba. In ka tarar da duka kuɗin ko wani babban kaso, mai yiwuwa bankin ya daina sabunta bayaninka tun tsakiyar biya. Waɗannan biyun kuskure ne, kuma haƙƙinka ne a goge su. Amma in abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kamar 4,500, ka binciki kanka kafin ka ɗaga murya. Sau da yawa tarar makara ce ta wani wata da aka biya bayan kwana biyar, mutum bai sani ba, ta zauna tana tsufa har ta ɓata masa suna. Wannan ba a gardama a kansa: ka biya, ka karɓi shaida, ka nemi a sabunta. Tarihin makarar zai zauna, amma za a ga an rufe. Haka nan in ka taɓa tsaya wa wani ya ci bashi bai biya ba, yana iya fitowa a takardarka, kuma ba kuskure ba ne.

To mu ɗauka naka na 69,000 ne. Je ƙaramin bankin ka nemi bayanin asusun rancen daga ranar farko zuwa yau, ka jera shi da rasit-rasit ɗinka da saƙonnin cire kuɗi na wayarka, wata da wata, har ka gano wanda ya ɓace. Da sun amince, ka nemi takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, a kan takardar banki mai tambari da sa hannu. Maganar baki ta manaja, "kada ka damu Alhaji, za mu gyara", ba ta taɓa gyara rahoton kowa ba.

Sai ka rubuta ƙorafi, shafi ɗaya ya isa. Ka sa sunanka da BVN, da lambar asusun rancen, da abin da aka rubuta, da abin da yake daidai, da ranar da ka yi biyan ƙarshe, sannan ka ce kana neman a mayar da ragowar sifili a kuma cire kwanakin makarar da ba ka yi ba. Wannan na biyun mutane suna mantawa da shi, sai a rufe bashin amma a bar shaidar cewa ka yi wata da watanni ba ka biya ba. Haɗa da kwafin hujjojinka, asalin ya zauna a gida. Kai kwafi ɗaya ƙaramin bankin, su buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin, ka aika ɗaya ga kowane kamfanin da kuskuren ya fito a wurinsa.

Hatimin nan shi ne agogonka. Doka ta ba su kwana goma na aiki su bincika su ba ka amsa. In sun wuce ba a warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ta cpd@cbn.gov.ng ko reshensu na Kano, tare da kwafin nan mai hatimi. Shi ma yana da kwana goma na aiki, bayan nan ƙofar kotu a buɗe take.

Kada ka ba kowa kuɗi wai zai goge maka suna ta bayan fage. Ko da wani abu ya motsa, bankin zai sake turo tsohon bayanin a wata mai zuwa. Kuma ka dakata da neman rance a wasu wurare kafin a gama, domin duk wanda ya duba ka ana rubutawa, yawan dubawa kuma yana sa a ɗauke ka mai neman kuɗi ido rufe.

Tunda bankuna wata-wata suke aika bayani, ka ba gyaran kamar mako huɗu zuwa shida, sannan ka sake ciro rahoton ka tabbatar, ko da wannan karon sai ka biya. In lokacin sarin kayan sallah ya matso kafin nan, ɗauki takardar shaidar rashin bashi da kwafin ƙorafinka ka kai wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka a babban bankin, ka roƙe shi ya sake duba buƙatar da su a gabansa.