Amsoshin Wasiƙu: 'Yan Kamashon Man Shafawa, Nawa Za A Ba Su?

"Anti ina wuni. Ina da man shafawa da sabulu masu sunana, ina so in ɗauki 'yan mata kamar goma su riƙa sayar min a kan kamasho. Wata ta ce sai dai in ba ta kashi 30 cikin ɗari. Roba ɗaya tana faɗo min a 3,200, ina sayarwa 5,000. In yarda? Wallahi tsoro nake ji kar jarina ya karye." Maman biyu, Unguwar Rimi.

Ƙanwata kwantar da hankalinki, ɗauko biro mu yi lissafin tare. Ribarki a roba ɗaya naira 1,800 ce, in har kin saka kuɗin roba da takardar da ake mannawa da kuɗin keke cikin 3,200 ɗin nan, in ba ki saka ba to koma ki saka don nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Kashi 30 na 5,000 naira 1,500 ke nan, abin da ya rage miki 300. Roba ɗaya ta fashe a hanyar Kawo ko wata ta cinye kuɗinta, sai kin sayar da goma sha ɗaya kafin ki mayar da gurbinta. Ba za ki yarda ba.

Ki fara da kashi 15, wato 750 nata, 1,050 naki. Sai ki ce duk wadda ta wuce roba 20 a wata, abin da ya hau kan ashirin ɗin za ta samu 1,000 a kowace roba. Wadda ta sayar da 30 za ta tashi da 15,000 na ashirin ɗin farko da 10,000 na goman sama, 25,000 ke nan, ke kuma kin tsira da 29,000. Ki lura, goman sama kawai ƙarin ya shafa, kar ki bari a ce miki duka talatin ɗin sun koma dubu ɗai-ɗai.

Ashirin ɗin ma misali na ba ki, kar ki yanke adadi daga kanki tun kafin a fara. Ki bar wata na farko ba wani adadi, ki ga abin da matsakaiciyarsu ta sayar, ba gwanar cikinsu ba wadda take da dangi cike da Tudun Wada. Kuma ki tuna ciniki na da lokaci, da hunturu fata na bushewa mai na tafiya, dab da Sallah ma haka, amma tsakiyar damina ga kuɗin makaranta ya taso ba mai kallonki. Adadin da kika sa a Disamba in kika ɗora shi a kan yarinya a Satumba kin zalunce ta, ko dai ta gudu ko ta fara rabar da kayanki bashi don ta cike lamba. Mutum goma kuma sun miki yawa, ki fara da uku, kowacce da unguwarta don kar su riƙa karya wa juna farashi a kan kwastoma ɗaya. Kamasho sai kuɗi ya shigo asusunki, ba ranar da aka ɗauki kaya ba, ki tsayar da rana ɗaya, Juma'a ko ƙarshen wata, kuma ranar ta zo ki biya ko da ba a tambaye ki ba.

"Zan iya karɓar dubu goma kuɗin rajista a hannun kowace wakiliya, in kuma ta kawo wata in ba ta dubu uku?" Wani matashi daga Mando.

Malam man shafawa kake sayarwa ko mutane? In kuɗinka daga rajista yake fitowa ba daga robar da kwastoma ta saya ba, to wannan irin harkar nan ce ta kawo biyu su kawo biyu da ta sa mutane kuka a garin nan. In kana tsoron a gudu da kaya, ka sayar musu a farashin sari su biya su ɗauka, ko ka ba da roba biyar kacal, sai kuɗinsu ya dawo ka ƙara. Shi ke nan.

"Anti wata kwastoma ta turo min hoton fuskarta duk ta yi ja da ƙuraje, ta ce man da ta saya wajen wakiliyata ne. Ni kuma shekara biyu ina sayar da shi ba wanda ya taɓa kuka. Na kasa barci." Wata 'yar'uwa daga Rigasa.

Sannu 'yata, na san wannan faɗuwar gaban. Da farko ki ce ta daina shafawa yau yau, ta je asibiti wajen likitan fata, ki biya mata kuɗin ganin likita in da hali, sannan ki karɓo robar da hannunki. Ki ajiye ta kusa da wadda ke cikin shagonki, ki duba murfin, ki shinshina, ki lakata ki ga kauri da launi. Zai iya zama fatarta ce ba ta karɓi man ba, hakan na faruwa, amma abin da na fi zargi shi ne haɗi.

Kuma tun da an taɓo ni sai na faɗa. Kwastoma ta ce wa yarinya man nan ba ya haske, yarinya na son kamashonta, sai ta shiga kasuwa ta sayo ɗan tub ɗin nan mai sitiroid ta matse a cikin robarki ta juya da cokali ta rufe. Sati biyu fata ta yi fari tas, kwastoma ta kawo ƙawayenta, ke kuma kina ta murna wakiliyarki ta fi kowa ciniki. Bayan wasu watanni fatar ta yi siriri jijiyoyi suna bayyana kore-kore, nankarwa ta fito a dantse da cinya, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi sauran hannun fari, ranar da ta daina shafawa kuma ƙuraje su feso. Sunan wa ke jikin robar? Naki. Ba wadda za ta ce wance ce ta zuba, za a ce man Hajiya ne ya ƙona mata fuska, kuma a gidan biki ɗaya labarin ya gama Kaduna. Ni da idona na ga roba a hannun wata ƙanwar maƙwabciyata, sama fari ƙasa ruwan ɗorawa don ko juyawar ba a yi da kyau ba. Wasu kuma ba haɗi suke ba, tara robobin da suka ƙare suke yi su ɗura na awo su sayar da sunanki. Ba a banza NAFDAC ke ta gargaɗi a kan mayukan bilicin masu sitiroid da makuri da haidirokwinon ba, makuri har ƙoda yake taɓawa.

Don haka kowace roba ta fita da leda a manne a murfi, ki sanar da kwastomomi a sitatus cewa duk wadda aka kawo a buɗe kar su karɓa. Ki rubuta a littafi wace ce ta ɗauki wane rukuni da kwanan wata, da haka za ki gane hannun da robar Rigasa ta bi. A takardar yarjejeniya, wadda za ta sa wa hannu gaban mijinta ko mahaifinta, ki rubuta ɓaro-ɓaro ba buɗewa, ba ƙari, ba ɗurawa a wata roba, ba alkawarin haske cikin kwana bakwai, ba canza farashi, wadda aka kama kuma an rabu ranar, a biya ta abin da take bi ta dawo da sauran kayan. Wata-wata ki aiki wadda ba su sani ba ta sayo miki roba ɗaya a hannun kowacce, musamman wadda cinikinta ya yi tsalle ba dalili.

Ke ma kuma in tambaye ki, man naki na da lambar NAFDAC? In babu, ki dakatar da maganar wakilai tukuna ki je ofishinsu ki fara neman rajista.