Wata goma sha biyu ana cire min kuɗin kofaretib, amma sun ce saura naira 110,000

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karɓi bashin naira 600,000 a kofaretib ɗin ma'aikatarmu, da kuɗin hidima ya zama 660,000, a kan zan biya cikin wata 12. Duk wata ana cire min 75,000: 55,000 na bashi, 15,000 ajiya, 5,000 hannun jari. Takardun albashina 12 duk sun nuna an cire. Yanzu sakatare ya ce saura 110,000 a kaina, kuma hannun jarina 50,000 kawai ya ƙaru a shekarar maimakon 60,000. Abokan aiki sun ce cuta ce, in je ofishin albashi a tsayar da cirewar tunda ina da hujja. Hankalina ya tashi. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kuma kada ka je ofishin albashi tukuna. Lambobin da ka kawo sun riga sun nuna inda matsalar take.

Raba 110,000 da 55,000, biyu za ka samu cif. Giɓin hannun jarinka 10,000 ne, ka raba shi da 5,000, nan ma biyu. In ka koma ka duba ajiyarka, ina kyautata zaton za ka tarar da giɓin 30,000, wato 15,000 sau biyu. Idan haka ta tabbata, to kuɗin wata biyu ne cur, naira 150,000, ba su shiga lajarka ba, wato shafinka a littafin lissafin ƙungiya. Sakatare bashi kawai ya faɗa maka don shi ka tambaya.

Wannan ya kawar da dalilin da aka fi yawan samu, wato jinkirin fara cirewa. Sau da yawa mutum zai karɓi bashi a ƙarshen wata, bayan ofishin albashi ya rufe karɓar canje-canje, sai a yi wata ɗaya ko biyu ana cire masa tsohon kuɗinsa na ajiya da jari kawai, shi kuwa yana ƙirga watanni tun daga ranar da ya ji alat. Da haka ne ya same ka, da hannun jarinka ya cika 60,000, bashin ne kaɗai zai nuna saura. Ya kuma kawar da zancen tara, ko bashin shinkafar azumi da aka manta, ko kuɗin wani da ka tsaya wa, domin irin waɗannan ba sa zuwa daidai wa daida da kuɗin wata biyu a dukkan asusu uku. Sukan bar wutsiya, ka ga saura 37,500 ko wani adadi makamancinsa.

Yanzu ga abin da nake fama da shi kusan kullum. Ma'aikata sun ɗauka takardar albashi rasit ce daga ƙungiya. Ba haka ba ne, kuma wannan fahimtar ta raba abokai, ta sa an zagi ma'aji mai gaskiya, ta kuma rufa wa mara gaskiya asiri. Ƙungiya ba ita ke buga takardar albashi ba, ba ta ma ganinta. Abin da takardar ke shaidawa guda ne: ba a ba ka wannan kuɗin a hannu ba. Ba ta ce kuɗin ya isa asusun ƙungiya a banki ba, ba ta kuma ce an rubuta shi a shafinka ba. Tsakanin albashinka da lajarka akwai zango uku. Ofishin albashi yana cirewa. Ofishin kuɗi yana haɗa na dukkan mambobi ya tura wa ƙungiya a dunƙule, kuma wannan biya ne na daban, da bocarsa daban, ba lallai ya fita ranar da albashi ya fita ba. Daga nan sai akawun ƙungiya ya karɓi jadawalin sunaye, ya rarraba dunƙulen, kowa a shafinsa. Ko ma'aikatan tarayya da ake biya ta IPPIS, ƙarƙashin ofishin Akanta Janar, haka tsarin yake: cirewa daban, turawa daban. Kuɗi na iya maƙalewa a zango na biyu wata da watanni, ko ya iso ba tare da jadawali ba ya zauna a asusun jiran gano mai shi, ko ya faɗa shafin wani mai irin sunanka. A ma'aikatar da ke da masu suna iri ɗaya mutum huɗu, akawun da ke aiki da suna ba da lambar ma'aikaci ba zai yi wannan kuskuren, komai tsoron Allahnsa.

Har takardun albashin da ke nuna ragowar bashi a gefe, kada ka dogara da su. Wannan lambar kwamfutar albashi ce ke rage ta duk wata daga jimillar da aka shigar mata tun farko. Ba ta san ko kuɗin ya isa ba. Tana iya kaiwa sifiri alhali lajar ƙungiya na cewa saura.

Shi ya sa shawarar abokan aikinka take da haɗari, kuma na gaji da jin ta daga bakin lauyoyin gindin bishiya da ba su taɓa buɗe dokokin ƙungiyarsu ba. Da farko, a mafi yawan wurare ofishin albashi ba zai tsayar da cirewar bashi da bakinka ba, sai da takarda daga ƙungiya, domin ka sa hannu a kan izinin cirewa ranar da ka cike fom. In kuma ka san wani a ciki ya taimaka maka ta bayan fage, to ka mai da kanka wanda ya ƙi biyan bashi a idon laja. Abin da zai biyo baya a rubuce yake a dokokin yawancin ƙungiyoyi: a ci ka tara, a zare kuɗin daga ajiyarka, ko a juya kan waɗanda suka tsaya maka. Ka tuna mutanen da suka sa maka hannu don mutunci. Wata rana ɗayansu zai ga albashinsa ya ragu da 55,000 bai san hawa ba bai san sauka ba, kai kuma kana yawo da takardu 12 kana cewa ka biya. Ka biya ɗin, gaskiya ne. Amma ka bar kuɗinka 150,000 a hanya ba ka bi sawunsa ba, ka ƙara wa kanka rigima da mutanen da suka rufa maka asiri. Wasu kuma sai su yi shiru, su ce ai kuskuren ƙungiya ne, sai ranar ritaya ko canjin wurin aiki a ce su kawo takardar shaidar ba a bin su bashi, lokacin akawun da ya san zancen ya daɗe da barin wurin.

Ga abin da za ka yi. Rubuta wa sakatare takarda, ba magana a baranda ba, kana neman cikakken bayanin asusunka na waɗannan watanni 12, bashi da ajiya da jari kowanne daban, da kwanan watan da aka shigar da kowane kuɗi. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ya fito, ka ja layi a takarda: wata, abin da takardar albashi ta cire, abin da laja ta shigar. Za ka ga wata biyu da gefen laja ba komai. A ce Yuni da Yuli ne.

Sai ka tambayi mambobi biyu ko uku ko su ma lajarsu babu komai a waɗannan watannin. Amsarsu ita ce za ta nuna maka ƙofar da za ka buga. Idan kowa haka ne, kuɗin bai baro ofishin kuɗi ba, ko ya baro ba a rarraba ba, kuma aikin shugabannin ƙungiya ne su bi shi, da matsin lambarku. Ku nemi ma'aji ya nuna wa kwamitin bincike bayanan banki na watannin. Idan kai kaɗai ne, nemi jadawalin da ofishin albashi ya tura na Yuni da Yuli ka duba sunanka da lambarka. In kana ciki kuma dunƙulen ya iso cikakke, to kuɗinka na cikin ƙungiya a shafin da ba naka ba, gyaransa aikin yini ɗaya ne. In kuwa bayanan banki sun nuna kuɗi ya shigo, jadawali ya nuna sunanka, amma an rasa shafin da ya faɗa, nan ne kalmar cuta ta fara samun wurin zama, ba kafin nan ba.

Akwai wani abu da ake mantawa. Idan aka ci gaba da cire maka 55,000 na wata biyu don cike giɓin, daga baya kuma tsohon kuɗin ya iso, ka biya 110,000 sau biyu ke nan. Don haka ka sa a takardarka cewa ko dai a dakatar da neman ragowar har a gama bincike, ko kuma a rubuta maka cewa duk abin da ya haura za a dawo maka da shi ko a zuba a ajiyarka. Ni na fi son na farko, domin kai ba ka yi jinkiri ba, kuma bai kamata a ci ka tarar ko sisi ba a kan kuɗin da aka riga aka cire. In kwamiti ya yarda, su ne za su rubuta wa ofishin albashi a rage cirewar ta koma 20,000, ajiya da jari kawai.

Kada ka raina 10,000 ɗin jari don ya yi kaɗan. Da hannun jari ake lissafa rabon riba bayan babban taron shekara, kuma ƙungiyoyi da yawa da yawan ajiya suke auna bashin da za su ba mutum, galibi ninki biyu. Giɓin 30,000 a ajiya na iya rage maka 60,000 a bashi na gaba. Kada kuma ka ce a cire ragowar a jarinka a huta, domin jari ba kamar ajiya ba ne, a yawancin ƙungiyoyi ba a taɓa shi sai mutum zai fita.

In ka bi duk wannan shugabanni suka yi kunnen uwar shegu, dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta tanadi a kai saɓani tsakanin mamba da ƙungiyarsa gaban Daraktan Ƙungiyoyin Gama Kai, wanda zai yanke hukunci da kansa ko ya naɗa mai sasantawa. Nemi ofishin da ya yi wa ƙungiyarku rajista, ka tafi da takardun albashin 12, kwafin fom ɗin bashi, bayanin asusunka, da wasiƙar nan mai hatimi.