Kada ki bar filin jirgi hannu rabbana

"Yaya barka da dare, dan Allah ki yi haƙuri na sake damunki. Bizata ta karatu ta fito, wata mai zuwa zan taho Jamus in sha Allah. Tsorona ɗaya ne, idan aka soke jirgina a hanya ko akwatina ya ɓata ya zan yi? Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ejan ɗina yace babu abinda zai faru."

Toh ƙanwata, barka da arziki, Allah ya sa a zo a sa'a. Amma maganar ejan ɗinki ta ɓata min rai wallahi, domin ni ma haka nawa ya faɗa min, kuma daren da na kwana a kan benci a wani filin jirgi a Turai na kira shi yafi sau goma bai ɗauka ba. Shi ya riga ya karɓi kamashonsa, ke ce za ki tsaya gaban allo kina kallon Cancelled a gefen lambar jirginki.

Kafin komai, buɗe tikitinki yanzu ki duba. Tafiyar taki daga gida har garin da za ki sauka, lambar bukin ɗaya ce ko biyu? Ita ce PNR, haruffa da lambobi guda shida a haɗe. Idan ɗaya ce, kamfanin jirgin ya ɗauki nauyin kai ki har ƙarshe, ko da jirgin farko ya makara ya sa kin rasa na biyu, su za su nemo miki wani ba tare da kin ƙara ko sisi ba. Idan kuwa ejan ya haɗa miki tikiti biyu daban daban don ya fi araha, to jirgi na biyu ba ruwansa da dalilinki, ba ki zo ba kawai, kuɗinki ya tafi, kuma akwatinki ma sai kin ɗauko da kanki a tsakiyar hanya kin sake awo. Ki koma masa tun yau ya gyara. Mai tafiyar farko ba ta da abin yi da irin wannan araha.

Bari in ba ki labarin nawa, don a ciki za ki ga komai. Kamfanin Turai na hau daga gida, tikiti ɗaya, muka sauka da asuba a wani babban filin jirgi inda zan canza zuwa garin makarantata. Aka ce an ɗaga zuwa rana, aka sake ɗagawa zuwa yamma, can da dare aka soke. Na shiga layin Transfer desk, wato kantar masu canza jirgi, na yi kusan awa uku a tsaye, da na isa kanta matar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta buga min sabon katin shiga jirgi na washegari da rana ta miƙo min ta kira na bayana. Ba ta ce min komai a kan otel ba, ba ta ce komai a kan abinci ba. Na ga mutanen da muka sauko tare suna karɓar wasu 'yan takardu suna fita wajen mota, na ɗauka kuɗinsu suka biya. Na ƙanƙame jakar hannuna a kan benci, sanyi yana ratsa ni saboda rigar sanyina tana cikin akwatin da na auna, wayata saura kaɗan ta mutu kuma kan cajata bai shiga soket ɗinsu ba. Abinda ya fi ci min rai har yau shi ne waɗancan mutanen ba su fi ni da komai ba, tambaya kawai suka yi, ita kuma matar ta san haƙƙina ne ta yi shiru.

Akwai dokar Tarayyar Turai da ake kira EU261, ta shekarar 2004. Tace idan aka soke jirginki, ke za ki zaɓa: ko a mayar miki da kuɗinki cikin kwana 7, ko a sa ki a wani jirgin da wuri gwargwadon yadda zai yiwu. Ke da kike tsakiyar hanya kuma rajista na jiranki, kada ki kuskura ki danna maɓallin mayar da kuɗi a manhajarsu cikin ruɗu, da zarar kin karɓa sun sauke nauyinki, sai ki nemi sabon tikiti da kanki a ranar da ya fi tsada. Ki ce a sauya miki jirgi. Kuma duk tsawon jiran nan abinci da abin sha a kansu yake, in kwana ya kama otel da motar zuwa da dawowa ma a kansu, ko da guguwa ce ko ƙanƙara ta jawo sokewar. Ki buɗe baki ki tambaya a kantar, kada ki ji kunya. In sun ce ɗakuna sun ƙare ki nemi na kanki mai matsakaicin kuɗi, ki adana rasit, za su biya daga baya. Sannan kafin ki amince da sabuwar hanya ki tambaya ta wace ƙasa za a bi da ke, saboda mai fasfo irin namu akwai inda ko wucewa sai da bizar wucewa, kuma wadda ke buga tikitin ba lallai ta duba fasfonki ba.

Diyya kuma daban take da wannan. Yuro 250 ce ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 zuwa kilomita 3,500, Yuro 600 ga abinda ya haura haka, idan kin isa inda za ki a makare da awa 3 ko fiye, sai dai in abinda ya faru ya fi ƙarfin kamfanin kamar mummunan yanayi. Lalacewar inji yawanci ba ta shiga wannan uzurin, shi ya sa dole ki nemi su rubuta miki dalilin sokewa, ko a takarda ko ta imel, kuma ki ɗauki hoton allon da katin shiga jirginki na farko. Nawa matsalar inji ce. Ƙaramin jirgin ƙarshe aka soke amma da yake tikiti ɗaya ne, nisan tafiyar gaba ɗaya aka lissafa tun daga gida. Da farko suka turo min takardar rangwame wai in yi amfani da ita a tafiya ta gaba, na ƙi, domin doka tace kuɗi ne sai in ke kika sa hannu kika yarda da wani abu daban. Na rubuta musu sau uku da Jamusancin da ko shekara ban yi ina koya ba, ba lauya ba ɗan tsakiya, wata huɗu aka yi ana ja, Yuro 600 ta shigo asusuna cif. Har yau imel ɗin yana nan ban goge ba.

Amma ki lura da kyau, nan ne mutanenmu suke shan mamaki. Dokar tana aiki ga kowane jirgi da ya tashi daga Tarayyar Turai, sannan ga jirgin da zai shigo Tarayyar idan kamfanin na Tarayyar ne. In kin taso daga gida da kamfanin da ba na Turai ba, irin masu bi ta Istanbul ko Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, a zuwanki babu wannan Yuro 600 ɗin, sai ranar da za ki koma hutu daga nan. Za su sauya miki jirgi dai tunda tikiti ɗaya ne, sauran kuma ya danganta da sharuɗɗan tikitin da dokar ƙasarsu.

Yanzu akwati. Na isa washegari, bel ɗin kaya ya yi ta juyawa har ya tsaya, nawa babu. Dama idan aka sauya wa mutum jirgi, kaya sun fi yin baya. A nan Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa da ita ma nata bai zo ba, ta riƙe hannuna ta nuna min ofishin Baggage Service, wasu wuraren Lost & Found ake rubutawa. Yana cikin zauren ɗaukar kaya ne kafin ƙofar kwastan, kuma in kika fita ƙofar nan ba a barin ki dawo. Za su nemi ɗan sitikan nan da aka manna miki a bayan katin shiga jirgi lokacin awon kaya, mai lambobi 10, kada ki yar da shi har sai akwatinki yana hannunki. Za su nuna miki hotunan akwatuna ki zaɓi mai kama da naki, shi ya sa nake cewa ki ɗauki hotonsa a rufe da a buɗe kafin ki baro gida. Sai su ba ki takarda mai suna Property Irregularity Report, ana cewa PIR, da lambar bibiya mai haruffa biyar da lambobi biyar. Ki riƙe adireshin masaukinki a rubuce da lambar wayar da ke aiki a nan, ko ta wanda zai tarbe ki, don layin gida ba lallai su same ki a kansa ba.

Abinda ba wanda zai faɗa miki shi ne PIR rahoto ne kawai, ba neman diyya ba ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ita ke kula da kaya, kuma tana da wa'adi mai tsauri. In akwati ya zo a fashe, kwana 7 kike da su ki rubuta wa kamfanin. In ya makara, kwana 21 daga ranar da aka kawo miki shi. In kuma kwana 21 suka cika bai iso ba, ana ɗaukarsa ya ɓata, sai ki nemi kuɗin abinda ke ciki. Iyakar biyan tun ƙarshen Disamban 2024 ita ce SDR 1,519, ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ga kowane fasinja, wato ya ɗan gaza Yuro 2,000, kuma iyaka ce, abinda kika iya nuna shaidarsa shi za su duba. Kafin ya zo ki sayi abin buƙata na gaske, kayan sawa kala biyu, na ciki, buroshi, sabulu, ki tara rasit. Nawa kwana tara ya yi, suka kawo min har ƙofa, na tura rasit a satin, suka biya mafi yawa.

Kwana taran nan kuwa ba zan manta ba, saboda ainihin takardun makarantata suna ciki, na sa su a ƙasan akwati don kada su lanƙwashe. Ranar rajista na je ofis hannu biyu ina bayani murya na rawa, sai da na nuna PIR ɗin nan aka ƙara min mako biyu. Babu diyyar da za ta dawo miki da shahadarki in ta ɓata. Fasfo, takardar samun gurbi, ainihin shahadu, takardar inshora, magani, kuɗi, kwamfuta, caja da kan soket irin na nan, rigar sanyi ɗaya da kayan canji na kwana biyu, duk a jakar hannu. In a ƙofar jirgi suka ce jakar ma sai an sa ta ƙasa saboda wuri ya cika, ki tsuguna a nan ki zare takardun da kwamfutar ki rungume su kafin ki miƙa.

Ki turo min hoton tikitin anjima in duba miki lambar bukin ɗin da awa nawa aka ba ki tsakanin jiragen biyu. In bai kai awa biyu ba, kuma a nan ne za a fara duba fasfonki don shiga Turai, gara a canza tun yanzu. Ki gaida Umma.