Yadda za ki gane ƙasar yashi a zanen kwalabe uku

Daga Sabon Zongo, Kumasi: "Yayye, a jarrabawar WASSCE ta darasin noma akwai zanen kwalabe uku, A, B, C, kowacce da mazurari cike da ƙasa. Yaya zan bambanta su?"

Ƙanwata, ki dubi ruwan da ya taru a gindin kowace kwalba bayan an zuba ruwa a kan ƙasar. Wadda ruwanta ya fi yawa ita ce yashi, don ƙwayoyinsa manya ne, ruwa na zarcewa kamar a rariya. Mai ɗan ruwa kaɗan yumɓu ce, ta riƙe shi. Mai matsakaicin ruwa gauraye ce, irin da masara ke so.

Amma ki karanta tambayar sosai, nan ɗalibai ke faɗuwa. In an ce wacce ta fi riƙe ruwa, ki cire na gindi daga wanda aka zuba: an zuba mililita 100, 30 suka sauka, ƙasar ta riƙe 70.